Soke inshora kafin shekara ta cika: lissafin kwanaki da jadawalin gajeren wa'adi

"'Yan'uwa, na biya inshorar mota ta shekara, 120,000. Wata huɗu ke nan, na sayar da motar, zan soke. Ni na lissafa za a mayar mini 80,000, kamfani ya ce 60,000. Wa ke da gaskiya?"

Ɗan'uwa, lissafinka daidai ne, nasu ma haka. Hanyoyi biyu ne, kuma abin da ke raba su shi ne wanda ya nemi sokewar.

Idan kamfani ne ya soke, lissafin kwanaki ake yi. Za a raba kuɗin shekara a kan kwana 365, a cire na kwanakin da ka ci, a ba ka sauran. Wata huɗu ya kama kusan 40,000, sai ka karɓi 80,000 ɗinka.

Idan kuwa kai ka nema, yawancin takardun inshora suna komawa ga jadawalin gajeren wa'adi. A nan ana ɗaukarka tamkar tun farko kariyar wata huɗu ka saya, ita kuma kariyar ɗan lokaci ta fi tsada. Dalili shi ne ɗawainiyar buɗe maka fayil, da buga takardu, da tantance motar, duk a ranar farko aka yi ta, kuma ba ta raguwa don ka tafi da wuri. Jadawalin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma amsar da suka ba ka ta nuna nasu yana riƙe kashi 50 cikin 100 a wata huɗu. Wasu kamfanonin ba su da jadawali, sai su yi lissafin kwanaki su zaftare kashi 10 cikin 100 na abin da ya rage, wato da 72,000 za ka samu.

Inda nake so ka sa ido sosai shi ne ranar sokewa, domin jadawalin tsalle yake yi, ba tafiyar kwana-kwana ba. A ce matakin gaba kashi 60 ne. Da ka shiga wata na biyar ko da kwana ɗaya, za su riƙe 72,000, ka tashi da 48,000. Kuma galibi ba ranar da ka sayar da motar suke dubawa ba, ranar da takardarka ta neman sokewa ta isa hannunsu ce. Don haka ka rubuta yau, ka karɓi shaidar sun karɓa. A jadawali da dama, bayan wata takwas ko tara babu abin da ake mayarwa.

Ka buɗe takardar yarjejeniyarka, ka nemi sashen sokewa. Idan jadawalin yana ciki, 60,000 ɗin ya zauna. Idan babu shi, ka nemi su nuna maka a rubuce inda suka samo shi. Ka kuma tuna, in an taɓa biyan ka diyya a cikin wannan shekarar, yawanci ba a mayar da komai.

In wata motar za ka saya, tambaye su ko za su mayar da inshorar a kan sabuwar motar maimakon sokewa. Sau da yawa bambancin farashi kawai za ka cika, ko su rage maka.