Gargaɗi kan mai sayar da kyamara da makirufo da sunan suna aiki a kowace na'urar gem

Ina jan hankalin duk mai niyyar watsa wasansa kai tsaye daga PlayStation ko Xbox game da wani mai talla a shafukan sada zumunta, wanda yake sayar da kyamarar USB da makirufo a kwali ɗaya, yana rantsuwa cewa suna aiki a PS4 da PS5 da Xbox ba tare da ƙarin komai ba. Ba zan ambaci sunansa ba, domin sunan shafin nasa ya sauya sau biyu tun da abin ya faru, kuma salon yaudarar ne ya fi dacewa a gane.

Ƙanena ne ya faɗa hannunsa a watan jiya. Yana da PS5, yana son fuskarsa ta riƙa fitowa a gefen allo yayin da yake buga ƙwallo a YouTube, sai ya tura naira dubu 45 aka aiko masa da kayan ta mota. Da ya soka kyamarar a bayan na'urar, ƙaramar fitilarta ta kama, amma da ya danna maɓallin Create ya shiga Broadcast, ya kasa kunna zaɓin kyamara ko ta yaya. Kamawar fitilar ita ce hujjar da mai sayarwar ya riƙe, yana cewa ai ga shi tana aiki, alhali fitila shaida ce kawai ta cewa wuta tana isa ga kyamarar, ba ta nuna cewa na'urar ta amince da ita ba.

Gaskiyar magana ita ce PS5 ba ta ɗaukar kyamarar kwamfuta ta gama-gari wajen watsa wasa. Wadda aka yi domin wannan aikin ita ce HD Camera ta kamfanin Sony, mai lamba CFI-ZEY1, wadda ta fito tare da na'urar a watan Nuwamba na 2020. Idanu biyu gare ta, tana ɗaukar hoto a 1080p, kuma a ɗaya daga cikin ramukan USB na baya ake soka ta. PS4 ma haka take, har ta fi tsauri, domin PlayStation Camera ɗinta ba ta shiga ramin USB na yau da kullum, tana da nata rami a baya mai suna AUX. Saboda haka duk wanda ya nuna maka kyamara mai ido ɗaya da bakin USB ya ce maka ta PS4 ce, ƙarya yake yi tun daga bakin kebul ɗin.

Abin da ya sa yaudarar take shiga mutane shi ne akwai ɗan gutsuren gaskiya a cikinta. Xbox One tana karɓar kyamarar USB ta kwamfuta tun daga sabuntawar da Microsoft ya yi a ƙarshen 2017, haka ma Xbox Series X da S da suka fito daga baya, kuma irin su Logitech C920 suna aiki a shafin watsa wasa na Twitch lafiya lau. To amma a nan lamarin ya juye: Xbox ba ta amfani da makirufon da ke jikin kyamarar, kuma ba ta karɓar makirufon USB na gama-gari, sai hedifon da aka ƙera musamman dominta ko wanda ake sokawa a ƙasan hannun gem. PlayStation kuwa, da ta ƙi kyamarar, tana karɓar yawancin makirufon USB waɗanda ba sa buƙatar a girka musu manhaja, irin su Blue Yeti. Wato kwalin da ya haɗa kyamarar gama-gari da makirufon USB, ko da kayan cikinsa na kirki ne, rabinsa kawai zai yi aiki a kowace daga cikin na'urorin biyu.

Makirufon da aka aiko wa ƙanena ma ba na USB ba ne. Irin mai arahar nan ne da ake rubuta wa BM-800, mai kebul da ke ƙarewa da baki irin na hedifon, an haɗa shi da wani ɗan katin sauti na USB kamar girman babban yatsa. Na'urar ta ga katin, amma irin wannan makirufo yana buƙatar wutar da za ta tashe shi, kuma abin da ɗan katin yake ba shi bai taka kara ya karya ba, shi ya sa muryar take fita can ƙasa-ƙasa cikin shuu. Makirufon da ke jikin DualSense, hannun gem na PS5, wanda ya zo masa kyauta, ya fi shi fitar da murya nesa ba kusa ba. Ita kuwa kyamarar, da na gwada ta a kwamfutata, kwalin ya ce 1080p, amma rubutun jarida da na ɗaga a gabanta daga nisan kamu biyu bai karantu ba, alamar cewa ƙaramin hoto ne ake buɗa shi ya cika allo.

Sashen da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ya biyo baya. Da ƙanena ya yi ƙorafi, sai mutumin ya ce akwai wata manhaja da za a girka wa PS5 ɗin domin ta gane kyamarar, kuɗinta dubu 10, kuma a turo masa adireshin imel da kalmar sirri na asusun PlayStation domin ya yi aikin daga can. Babu wata manhaja irin wannan. Waɗannan na'urori a rufe suke, ba a girka musu manhajar kayan haɗi kamar yadda ake yi wa kwamfuta, kuma abin da kamfanin bai buɗe wa ƙofa ba, babu ɗan kasuwar da zai buɗe masa. Wanda ya miƙa kalmar sirrinsa ya miƙa wasannin da ya saya da katin bankin da ke liƙe da asusun. Allah ya taimaka yaron ya kira ni kafin ya tura, na ce masa: "Kada ka ƙara masa ko kobo, kuma ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusunka yanzun nan."

Wanda zai saya, ya nemi a gwada masa kayan a kan irin na'urarsa, ba a kan kwamfuta ba, domin bidiyon tallan mutumin nan duka a kwamfutar tafi da gidanka aka ɗauke su, na'urar gem ɗin tana ajiye a gefe kamar kayan ado. A PS5 gwajin makirufo bai kai minti ɗaya ba: a shiga Settings, sai Sound, sai Microphone, a duba ko sunansa ya fito a Input Device, sannan a buɗe Adjust Microphone Level a yi magana a ga ko ma'aunin yana motsi. Kyamara kuma sai an ga fuskar mutum a allon talabijin daga cikin Broadcast kafin a biya.

Idan kuma mutum ya riga ya mallaki kyamarar kwamfuta mai kyau kuma PlayStation gare shi, hanyar da take aiki ita ce ya bi ta kwamfuta. Ana fitar da hoton wasan ta HDMI zuwa na'urar da ke kama hoto ta miƙa wa kwamfuta, a soka kyamara da makirufo a kwamfutar, a haɗa su duka a manhajar OBS Studio wadda kyauta ce. Sai dai dole a cire alamar Enable HDCP da ke ƙarƙashin Settings, System, HDMI a PS5, in ba haka ba baƙin allo kawai za a gani. Ta wannan hanya ƙanena yake watsa wasansa yanzu da wata kyamarar da na ara masa, kuɗinsa kuwa har yau ba su dawo ba, domin lambar mutumin ta daina shiga kwana uku bayan ƙanena ya ƙi tura kalmar sirrin.