GARGAƊI GA MASU BA DILLALI AMANAR KAYA

Turmi 85 na atamfa, jama'a, turmi 85! Naira 935,000 ke nan a farashin da muka yi da shi, kuma mutumin nan har yanzu yana yawonsa a Gombe da sabon babur.

Kada wani ya zo yana ce mini na yi sakaci. Ɗan garinmu ne, a gaban wana ya durƙusa ya ce "Alhaji, dukiyarka amana ce a wuyana." Har da dafa ƙirji. Duk sanda na tuna dafa ƙirjin nan sai in ji raina ya ƙara ɓaci.

Turmi 200 na ɗora masa daga Kantin Kwari. Na saro kowanne a kan 9,000, kuɗin mota da lodi 40,000, wato kowane turmi ya tsaya mini 9,200. Zai sayar 11,000, la'adarsa kashi 5 cikin 100. Ranar da kayan suka fita ban rubuta ciniki ba, don ban sayar masa ba. A shafin kayan da ke hannun dillali na sa su, 1,840,000, nawa ne har sai ya sayar.

Da ya aiko lissafi ya ce an sayi 80. Sannan na rubuta ciniki 880,000 cif, na rubuta la'ada 44,000 da kuɗin 'yan dako da ajiya 16,000 a ɓangaren kashewa. Ya turo 820,000, lissafi ya yi daidai. Saura turmi 120 a littafina, 1,104,000. To ina sakacin?

Na dira shagonsa ba sanarwa, na ƙirga da hannuna, 35 na samu. Af, tun kafin wannan ma wata mai sari ta faɗa wa yarona cewa 12,500 take saye a wurinsa, har da cikin 80 ɗin farko. Ke nan ana cin 1,500 a kan turmi, ga la'ada kuma. Da na tsare shi ya ce bashi ya bayar, alhali ba mu yi da shi zai ba da bashi ba. Na ce kawo sunayen, ya yi shiru. Daga baya ya juya ya ce ai ni na sayar masa da kayan tun farko, in jira ya biya a hankali. Wanda ya sayi kaya yana karɓar la'ada ne? Ga saƙonsa nan da ya cire 44,000 da kansa.

Ku riƙa ƙirga ragowar kaya da idonku, ku haɗa da littafi. Ku rubuta farashi da maganar bashi a gaban shaidu.

Hoton shafin littafina da saƙonninsa na WhatsApp suna nan tafe da daddare in sha Allah, wana ne ya ce in dakata a zauna da mahaifinsa tukuna. Turmi 85 fa!