Sharhi: Goge bidiyo ko tasha a YouTube, da abin da yake yi wa mahaɗi da kuɗin shiga

Goge bidiyo a YouTube bai kai minti ɗaya ba. Za ka shiga YouTube Studio, ka buɗe Content, ka zaɓi bidiyon, ka danna Delete forever, ka amince cewa babu dawowa, shi ke nan. Ta fuskar aiki ba ni da ƙorafi, maɓallin yana yin abin da aka ce zai yi. Ƙorafina shi ne gargaɗin da ke fitowa ya yi kaɗan, domin bai faɗa wa mai tasha abin da zai rasa bayan bidiyon kansa ba.

Abu na farko da ke tafiya shi ne mahaɗin bidiyon. Kowane bidiyo yana da lambar shaida mai harufa 11, wadda ke zuwa bayan `watch?v=` ko bayan `youtu.be/`. Idan aka goge bidiyo, lambar ta mutu. Ko ka sake ɗora fayil ɗin nan ɗin bayan minti biyar, sabuwar lamba za a ba shi, kuma YouTube ba shi da hanyar da za a karkatar da tsohon mahaɗi zuwa sabo. Duk inda aka taɓa tura tsohon, a zaurukan WhatsApp, a Facebook, a shafin da ya saka bidiyon cikin labarinsa, ko a takardar talla da aka buga, mai dannawa saƙon cewa babu bidiyon zai tarar. Yawan kallo da tsokacin jama'a da matsayin da bidiyon ya samu a wajen bincike duk sun bi shi. Wannan ya fi yi wa masu koyar da karatu ko shiri mai dogon zango illa, saboda mutane kan adana mahaɗin kashi na ɗaya su riƙa tura wa wasu shekara da shekaru.

Sai batun awannin kallo, inda na ga an fi yin asara cikin rashin sani. Domin a fara samun kuɗin talla, YouTube na neman mabiya 1,000 da awannin kallo 4,000 cikin watanni 12 da suka wuce, ko kuma kallo miliyan 10 na Shorts cikin kwana 90. Awannin da ake ƙirgawa na bidiyon da ke buɗe ga kowa ne kawai. A ɗauki misalin tasha mai mabiya 1,200 da awanni 4,300, wadda mai ita ke shirin neman shiga tsarin samun kuɗi. Sai ya ga wani tsohon bidiyo mai rashin kyawun sauti ya ce bari ya share shi don tashar ta yi tsaf, alhali bidiyon nan ya kawo awanni 600 a cikin shekarar. Lissafinsa zai koma 3,700, ya faɗo ƙasa da sharaɗi. Abin da ke ruɗa mutane shi ne jimillar da ke Analytics tana iya ci gaba da nuna tsofaffin awannin, domin bayanan bidiyon da aka goge suna zama cikin jimillar tasha. Ma'aunin da ya kamata a duba shi ne na shafin Earn. Kuma mayar da bidiyon Private ko Unlisted, wato ɓoye shi daga jama'a, shi ma yana cire awanninsa daga wannan lissafin. Tashar da ta riga ta shiga tsarin ba a fitar da ita don kawai awanninta sun ragu.

Kuɗin da bidiyo ya riga ya samar ba ya ɓacewa don an goge shi, abin da ya tsaya shi ne na gaba. Ana tabbatar da kuɗin watan da ya wuce a asusun AdSense, wanda ta cikinsa Google ke biyan masu tasha, tsakanin ranar 7 da 12 ga wata, a biya tsakanin 21 da 26, matuƙar ya kai dala 100. Goge tasha ba ya rufe asusun AdSense, don haka wanda ya goge tasharsa yana da dala 60 a ciki, kuɗin na nan zaune, ba su kai a biya ba, kuma babu sabon kallo da zai cike su. Mafitarsa ita ce ya rufe asusun AdSense ɗin da kansa, domin idan abin da ya rage ya haura dala 10 ana biyansa a matsayin biyan ƙarshe, cikin kamar kwana 90 bayan ƙarshen watan. Shawarata a jira kuɗin watan ƙarshe su bayyana a AdSense kafin a taɓa tashar. Wanda kuma ya karɓi kuɗin wani ɗan kasuwa don tallata hajarsa a cikin bidiyo, ya duba yarjejeniyarsu tukuna, ko an yi alkawarin bidiyon zai zauna na wani lokaci.

Da yawa suna gogewa ne don tsoron gargaɗin haƙƙin mallaka, kuma a nan gogewar ba ta da amfani. Idan gargaɗin ya riga ya hau tasha, share bidiyon ba ya cire shi. Yana ƙarewa ne bayan kwana 90 idan an kammala Copyright School, wato ɗan darasin YouTube kan haƙƙin mallaka, ko mai ƙorafin ya janye, ko an yi nasarar ƙalubalantarsa. Wuri ɗaya ne gogewa ke ceto: idan mai haƙƙin ya aiko da buƙatar cirewa mai wa'adin kwana 7, wanda ya goge kafin wa'adin ya cika ya tsira daga gargaɗin. Da'awar Content ID kuwa, wato tsarin YouTube mai gano waƙa ko bidiyon wani a cikin naka, ba gargaɗi ba ce, ana iya yanke wurin da waƙar take ko a kashe sautinta, bidiyon ya zauna da mahaɗinsa.

Abin da na fi yaba wa YouTube shi ne hanyoyin da ya tanada waɗanda ba sai an goge ba. Sashen Editor yana ba da damar yanke wani ɓangare ko dusashe fuska da lambar waya, ba tare da an rasa mahaɗi ko yawan kallo ba. Yana da iyaka: ba ya aiki a bidiyon da ya wuce awa 6, kuma tashar da ba ta cikin tsarin samun kuɗi ba za ta iya yanke bidiyon da ya haura kallo 100,000 ba. Unlisted yana fitar da bidiyo daga bincike da fuskar tasha amma tsohon mahaɗi yana aiki, shi ya fi dacewa da tsohon darasin da aka yi sabonsa, sai a rubuta mahaɗin sabon a saman bayaninsa. Private yana rufe shi ga kowa sai wanda ka gayyata, kuma ranar da ka buɗe shi da lambarsa ta asali zai dawo.

Ita tashar gaba ɗaya, hanyarta ita ce Settings, Channel, Advanced settings, sannan Remove YouTube content. Zaɓi biyu ne a ciki, ɓoyewa ko gogewa har abada. Ɓoyewa tana adana bidiyoyi da mabiya har ka dawo, sai dai tsokaci da amsoshin da ka rubuta za su goge dindindin. Gogewa kuwa tana tafiya da bidiyoyi da jerin shirye-shirye da mabiya da bayanan Analytics, amma ba ta taɓa Gmail ɗinka.

Wanda ya yanke shawarar gogewa ya sauke kayansa tukuna. Maɓallin Download na cikin Studio yana ba da MP4 mai 720p ko 360p ne kawai, kuma ba ya aiki a bidiyon da aka cire saboda gargaɗi. Google Takeout, shafin Google na sauke bayanan asusunka, ya fi, domin yana haɗa bidiyoyin tashar duka, sai dai yakan ɗauki awanni ko kwanaki kuma saukewar tana cin data sosai. A fitar da bayanan kuɗin shiga daga Analytics, a buɗe fayilolin da aka sauke a tabbatar suna kunnuwa, sannan a danna maɓallin.