Wasiƙar Malam kan kukan lasifika: na gwada ta a masallacinmu

Shafi ɗaya tak malaminmu na fiziks ya rubuto mana, bayan lasifikar ɗakin lacca ta tsala ƙara ta hana kowa ji. Ni nake kula da kayan sauti a masallacin unguwarmu, saboda haka na tafi da wasiƙar can na gwada abin da ta ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya nuna cewa kukan ba alamar lalacewa ba ce. Makirufo yana ɗaukar sauti, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, lasifika ta fitar, sai wani kaso ya sake faɗawa cikin makirufo. Idan abin da ya dawo ya gaza wanda ya shiga da farko, a hankali zai mutu. Idan kuwa ya ɗara shi ko da kaɗan ne, kowane zagaye ƙari yake yi, nan take kunne ya gaya maka. Ya kuma bayyana dalilin da ya sa murya ɗaya siririya ake ji: amon da igiyarsa ta dawo daidai kan ta baya, kuma na'urar ta fi ƙarfafa shi, shi ke rinjayar sauran. Da sunan Søren Larsen, masanin ƙasar Denmark, ake kiran abin.

Ƙa'idar nisa ce ta yi mini aiki. Malam ya ce duk sanda ka ninka nisa, sauti yana raguwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. Lasifikarmu ta ciki tana bayan liman, mita 2 daga makirufo, tana kallonsa. Na mayar da ita gaba, wajen mita 4, ta fuskanci jama'a. Sannan na ce wa liman, “Allah gafarta Malam, a ɗan matso da baki,” daga santimita 20 zuwa 10. Da haka na rage ƙarfin amfilifaya, muryarsa ba ta ragu ba. Na kuma roƙi ladan ya daina dunƙule kan makirufo da tafinsa, domin hakan yana toshe kafofin bayan da ke sa shi ƙin sautin da ya zo ta baya. Yanzu da na ji wani siririn amo yana bin ƙarshen kalma, na san mun kusa iyaka, sai in rage.

Inda wasiƙar ta gaza shi ne batun ɗaki. Lissafin desibel 6 na fili ne. Masallacinmu tayil ne a bango, sauti yana dawowa ta ko'ina, don haka ribar matsar da lasifika ba ta kai yadda na zata ba. Bai kuma ambaci yawan makirufo ba, alhali ranar tafsiri da muka kunna na malam da na mai jan baƙi tare, kukan ya dawo, sai da na rage duka biyun.