Gargaɗi: ku duba haruffan jikin caja kafin ku biya kuɗi

Jama'a, akwai wani mai tallar kayan waya a WhatsApp da yake sayar da cajar Samsung mai wat 25, yana rantsuwa cewa gangariya ce. Hoton da yake turo muku na orijinal ne, wanda ɗan aike zai kawo kuma jabu. Ƙanwata ta saya. Kwana huɗu kan cajar ya fara zafi har ba ya taɓuwa, a ɗakin da yaranta ke kwana. Abin da ya fi tayar min da hankali ke nan, domin cajar bogi ba ta da kyakkyawan shinge tsakanin wutar bango mai bolt 230 da wayar da ke hannunka.

Na yi shekaru ina aikin zane a maɗaba'a, don haka na ajiye tata kusa da tawa da na saya a shagon dila, samfuri ɗaya, EP-TA800. Rubutun jikinta ne ya fara tona asiri.

Kamfani ba ya buga sunansa da madannai duk lokacin da zai yi kwali. An zana kowane harafi sau ɗaya, an adana a fayil, daga shi ake bugawa a ko'ina. A tambarin SAMSUNG, misali, harafin A ba shi da sandar tsakiya. Mai jabun da ba shi da wannan fayil hanya biyu gare shi: ko ya ɗauki hoton kwalin asali ya bi layinsa, ko ya buɗe manhajar zane ta CorelDRAW ya nemi salon rubutu mai kama, irin su Arial, ya rubuta da kansa. Kowacce tana barin sawu. Idan hoto ya bi, kusurwoyi masu kaifi sai su dakushe, bakin harafi ya yi kamar an ciccije shi. Idan rubutawa ya yi, siffar ce ke canzawa, musamman a S da G, haruffa masu lanƙwasa da suka fi wuyar kwaikwayo.

Tazara ta fi komai kama ɓarawo. Harafin A kamar bukka yake, ƙasa faɗi, sama tsini, saboda haka yana barin fili a gefensa na sama. M da N kuwa a miƙe suke kamar garu. In aka ba kowa tazara ɗaya da ma'auni, ido zai ga wasu sun rabu, wasu sun cunkushe. Mai zanen asali yana zama ya matsa kowane harafi biyu da ido har farin da ke tsakaninsu ya yi daidai. Mai jabu ba shi da wannan haƙurin. A cajar ƙanwata S na farko ya ware gefe kamar an yi masa laifi, U da N kuma sun kusa haɗewa.

Sai miƙe rubutu. In rubutun mai jabu bai cika wurin ba, sai ya kama gefe ya miƙe shi. Wannan yana ƙara wa sandunan tsaye kauri, na kwance kuma su zauna yadda suke. Ku dubi harafin U: ƙafafunsa biyu sun yi kauri, gindinsa siriri? An ja shi ne.

Amma kada ku tsaya a babban suna kaɗai. Ana samun fayil ɗin tambarin manyan kamfanoni a intanet, masu jabu da suka ƙware suna fitar da shi daidai. Inda suke faɗuwa shi ne ƙananan rubutun da ke bayanin bolt da lambar samfuri, domin dole su sake rubuta shi da kansu. A tawa, ko da na ƙara girman hoto, cikin lamba 8 da harafin e a buɗe yake tas. A tata tawada ta toshe su, layi ɗaya ya ɗan karkace, kuma da na kankara da farce sai ya fara gogewa. Alamar CE, shaidar cika ƙa'idojin Turai, ita ma ta matse. A zanen da Tarayyar Turai ta tsara, kowane harafi yanki ne na da'ira, akwai fili sosai tsakanin C da E. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, don ana samun kuskurensa a kaya masu kyau, amma in ya haɗu da sauran ya isa a mayar.

Kafin ku biya, ku ɗauki hoton cajar da aka kawo a wuri mai haske, ku ƙara girmansa, ku gwada da hoton samfurin a shafin kamfanin. Lallai lambar samfuri ta zama ɗaya, domin kamfani yana sauya tsarin rubutu daga samfuri zuwa wani. Ku jona ta kuma a gaban ɗan aiken. Wayar Samsung da ke karɓar wat 25 za ta nuna Super fast charging, ta ƙanwata Charging kawai ta nuna. Da muka tura wa mutumin hotunan biyu a jere, bai ce uffan ba, ya toshe lambarta. Har jiya na ga tallar tana yawo a wani zauren unguwarmu, da wannan hoton dai.