Hoton sakamako kawai, ko rahoto a rubuce: wanne za a kai wa mai ɗaukar nauyin karatu?

Tambaya: "Jama'a, ni ne tsakanin wani Alhaji ɗan kasuwa da wata marainiya da yake biya wa karatun jami'a. Tana aji biyu. Sakamakon zangon farko ya fito, ta faɗi kwas ɗaya, CGPA ɗinta, wato matsakaicin makinta tun daga aji ɗaya, ya sauko daga 3.69 zuwa 3.45. In tura masa hoton sakamakon kawai kamar yadda na saba, ko in zauna in rubuta masa rahoto? Ga shi kuɗin zango na biyu ya ƙarato."

Ƙanena, a wannan karon rubuta rahoton, ka haɗa da hoton. Na duba takardar da ka turo mini ta gefe, kuma lissafin da ke cikinta shi ne ya sa na ce haka.

Bari mu fara da ba hoton haƙƙinsa. Shaida ce daga makaranta, ba daga bakinka ba, kuma cikin minti ɗaya ka gama. Idan mai biyan kuɗin malamin jami'a ne, ko wanda ya taɓa zama a aji yana lissafin maki, kuma sakamakon bai canja daga na bara ba, hoton da gaisuwa sun wadatar. Ni ma haka nake yi da wata Hajiya likita da ke biya wa wani yaro a unguwarmu. Kafin in ce komai ta riga ta gane inda aka dosa.

Amma Alhajinka ɗan kasuwa ne. Abin da zai gani shi ne jerin haruffa, A guda, B biyu, C uku, D guda da F guda, sai lambobi biyu a ƙasa. Ɗaya daga cikin abu biyu zai faru. Ko dai ya ga bakwai cikin takwas an ci, ya ce madalla, bai san an yi asara ba. Ko kuma wani ɗansa ya leƙa wayar ya ce, "Baba, ai faɗuwa ta yi," shi ke nan hankalinsa ya tashi fiye da kima. A duka biyun, wani ne ya fassara masa takardar, ko kuma ba wanda ya fassara ta.

Ga abin da takardar ke faɗa a gaskiya. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, A maki 5 ce, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuma sifili. Ana ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa, wato nauyin da aka ba kwas ɗin, a tara, a raba da jimillar yunit. Yarinyar ta gama aji ɗaya da yunit 36 da maki 133, shi ne ya ba ta 3.69. A wannan zangon ta ɗauki yunit 20. Kwasa-kwasai huɗu masu yunit 3 sun ba ta A, B, C da F, wato 15 da 12 da 9 da sifili. Huɗu masu yunit 2 sun ba ta B, C, C da D, wato 8 da 6 da 6 da 4. Jimilla 60, a raba da 20, GPA na zangon ya zama 3.00. Idan aka haɗa da na baya, maki 193 ne a kan yunit 56, shi ne 3.45 ɗin da ka gani.

To ga inda gizo ke saƙa. Iyakar digiri mai daraja ta biyu ta sama 3.50 ce, ta kai har 4.49. Daga 2.40 zuwa 3.49 kuwa daraja ta biyu ta ƙasa ce. Ke nan saukowar da ta yi ba raguwar lamba ce kawai ba, ta tsallaka iyaka ne zuwa ƙasa, da tazarar 0.05. Da a ce C ta samu maimakon F a Kemistiri, kwas ɗin da ta faɗi, da makinta ya zama 202, CGPA ya tsaya a 3.61, ba ma wannan zancen. Kwas ɗaya ne ya yi ɓarnar, kuma hoto ba zai taɓa faɗa wa Alhaji haka ba.

Yanzu dubi saƙonnin biyu kusa da juna. Na farko shi ne wanda ka saba:

"Salamu alaikum Baba Alhaji. Ga sakamakon yarinyar nan ya fito. Alhamdu lillahi ta yi ƙoƙari, kwas ɗaya ne kawai ya ba ta matsala. Sai batun kuɗin zango na biyu. Allah ya ƙara arziki."

Na biyu kuwa:

"Salamu alaikum Baba Alhaji, da fatan an tashi lafiya, ya iyali da kasuwa? Sakamakon zangon farko na aji biyu ya fito, ga takardarsa na haɗa. Ta yi jarrabawa takwas, ta ci bakwai, ta faɗi Kemistiri. Wannan faɗuwar ta sauko da matsakaicin makinta daga 3.69 zuwa 3.45 cikin 5. Matakin da muke so ta fita da shi yana farawa ne daga 3.50, don haka yanzu tana ƙasa da shi kaɗan. Na zauna da ita, na kuma yi magana da malamin da ke kula da ajinsu. Za ta sake kwas ɗin a zangon farko na aji uku, kuma idan ta ci ba zai ƙara mata shekara ba. Kafin nan, tana buƙatar 3.65 a zango mai zuwa don ta koma matakinta. Ga lissafin kuɗin da aka kashe da rasit ɗinsu, ga kuma abin da ake buƙata da ranar da za a rufe biya. Zan sake kawo maka bayani da zarar sun gama gwajin tsakiyar zango. Allah ya saka da alheri."

Na farkon ba ƙarya a cikinsa, amma "ta yi ƙoƙari" rufa-rufa ce, kuma an manna roƙon kuɗi a jikin labari maras daɗi ba tare da an ce ga mafita ba. Ranar da Alhaji ya gano cewa ta sauka daga matakinta, ba yarinyar zai fara zarga ba, kai ne. Na biyun ya fi tsawo, amma ba wata jimla a cikinsa da ba za a iya bincikawa ba.

Lambar nan 3.65 ba daga sama ta faɗo ba. Idan ta ɗauki yunit 20 a zango na biyu, jimillar yunit ɗinta zai kai 76. Don ta tsaya a 3.50 tana buƙatar maki 266. Tana da 193, saura 73, a raba da 20, ya ba da 3.65. Abu ne mai yiwuwa, tunda a aji ɗaya ta yi abin da ya ɗara haka. Wannan ne ya sa na fi son a rubuta lamba maimakon "za ta dage da karatu". Lambar za a iya dawowa a duba ta bayan wata biyar, a ce an kai ko ba a kai ba. In ta canja yawan yunit ɗin da za ta ɗauka, sake lissafin kafin ka tura.

Kafin ka rubuta cewa kariyoba, wato sake kwas ɗin da ta faɗi, ba zai ƙara mata shekara ba, tabbatar. Kwas na zangon farko sai wani zangon farkon ake sake shi, ba a zango na biyu ba. Galibi kuma ba a barin ɗalibi ya wuce yunit 24 a zango ɗaya, kuma kariyoba ake fara sawa kafin sababbin kwasa-kwasai. Idan kwasa-kwasan aji uku sun kai yunit 21, an dace, ukun nan za su shiga daidai. Idan sun kai 23, dole a ajiye wani zuwa gaba, kuma ta haka ne ƙarin zango ke sanɗowa ba a sani ba. Ka kuma tambaya ko Kemistirin sharaɗi ne na wani kwas na aji uku, don in haka ne ba za a bar ta ta ɗauki wancan ba sai ta ci wannan. Malamin da ke kula da ajin zai amsa maka duka biyun. Sannan kar ka ce wa Alhaji cin kwas ɗin zai goge faɗuwar. A tsarin da aka fi bi, sifilin farko yana nan cikin lissafin CGPA, sabon makin ƙari ne kawai a kansa.

Dalilin faɗuwar kuwa, ka lura ban sa shi a misalin ba. Kai ne za ka cike shi, bayan ka ji daga bakinta. Nemi makin gwajin aji da na jarrabawa daban-daban. Idan na gwaji sifili ne, to ko dai ba ta yi ba, ko kuma ba a shigar mata ba, kuma wannan na biyun gyara ake nema a sashe, ba faɗa ba. Na taɓa kai wa wani bawan Allah labarin cewa yaron da yake biya wa ya faɗi kwas, daga hoton da aka ɗauka a allon sanarwa. Bayan mako uku aka gano makin gwajinsa ne ba a shigar ba, F ta koma C. Amma mutumin ya riga ya kira yaron ya wanke shi tas. Tun daga nan nake tambaya ko majalisar jami'a ta amince da sakamakon ko na wucin gadi ne, in kuma rubuta hakan a rahoton. Hoto ma ana iya taɓa shi a waya, don haka gara ta buɗe shafinta na makaranta a gabanka, ko ta kawo bugaggiyar takarda mai hatimin sashe.

Idan dalilin na sirri ne, kamar rashin lafiya ko rikicin gida, tambaye ta iya abin da ta yarda a faɗa. Biyan kuɗin makaranta ya ba Alhaji haƙƙin sanin sakamako da inda kuɗinsa suka tafi, amma "ta yi jinya mako biyu lokacin gwaji" ya isa, ba sai an ambaci cutar ba. Ka karanta mata rahoton kafin ya tafi, domin alkawarin 3.65 ɗin ita za ta cika shi.

Ɓangaren kuɗi ka ware shi a ƙasa, layi-layi: rajista, ɗakin kwana, littattafai, kuɗin abinci, kowanne da rasit in akwai, da abin da ya yi saura a hannunka. Idan Alhaji bai cika son karatu a waya ba, buga shafin ɗaya ka kai masa da kanka bayan la'asar, ka karanta masa, ka bar masa takardar. In nesa yake, tura rubutun, ka bi shi da saƙon murya. Ka yi hakan a makon nan, ka bar aƙalla kwana goma tsakanin ranar da ya ji labarin da ranar da za a rufe biyan kuɗin.