"Ku" ko "ka" da "ki": wanne za a sa a imel ɗin gayyata?

"Salam 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta manoma a nan Daura ta samu imel da Turanci, an ce in mayar da shi Hausa in tura wa mutum uku: hakiminmu, da wani ko wata Dakta da ban sani ba, don harafin A kawai aka sa kafin sunan, sai ofishin gona na ƙaramar hukuma. In sa 'ku' ga kowa in huta, ko in bi kowa da 'ka' ko 'ki'? Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka bi kowa da nasa. Ofishin nan kaɗai za ka ce wa "ku", sauran biyun kuwa sai ka ɗan wahala, amma wahalar ba ta wuce kiran waya ɗaya ba.

Ni wannan abu da kuɗina na koye shi. Lokacin da nake sakataren wata ƙungiya a nan cikin Katsina, an taɓa turo mana takardar neman tallafi da Turanci, aka ce a yi ta Hausa a haɗa. Gaggawa ta sa na kai wani shagon buga takardu, na biya yaron naira 3,000, na karɓa na tura ban karanta ba. Wanda za a aika wa Farfesa ne, suna harafi biyu da sunan mahaifi. Yaron ya zuba "ranka ya daɗe", "muna roƙonka", "Allah ya ƙara maka girma" tun daga sama har ƙasa. Bayan kwana biyu amsa ta zo, layi uku kacal, a ƙasa an rubuta cikakken suna, gabansa Hajiya. Ba ta ce uffan a kan kuskuren ba, wannan shirun nata shi ya fi cina. Da na je ofishinta ba da haƙuri, dariya ta yi ta ce ta saba, wai kusan duk wanda ya ga Farfesa sai ya ɗauka mai gemu ne.

Karo na gaba da irin wannan ta taso, sai na kira lambar da ke ƙasan imel ɗin, masinjan ofishin ya ɗauka. Na ce masa, don Allah Dakta Malam ne ko Malama? Ya ce Malama ce, kuma ba ta son a ce mata Hajiya a takarda, Dakta kawai. Ko minti ɗaya ba mu yi ba. Na rubuta "Zuwa ga Dakta", na bi ta da "ki" har ƙarshe. Ranar taro ta zo da takardar a hannu, ta tambayi wanda ya rubuta, ta ce tun da take samun gayyata da Hausa ba a taɓa yi mata wadda ta ji da ita ake magana ba sai wannan. Har yau idan muka nemi wani abu a wajenta ba ma jira.

Abin da ke jawo wannan rikici shi ne Bature kalma ɗaya gare shi ta wanda ake yi wa magana, mace ko namiji, ɗaya ko ɗari. Mu kuwa ba ma iya buɗe baki sai mun zaɓa. Duba wannan layi, irin wanda na tabbata yana cikin naka:

`We are pleased to invite you to the meeting. Kindly confirm your attendance and send your phone number.`

Idan Daktar nan Amina ce, ga yadda zai fito: "Muna farin cikin gayyatarki zuwa taron. Muna fatan za ki tabbatar mana da zuwanki, ki kuma aiko da lambar wayarki." Ƙirga ka gani, wuri 5 ne jinsi ya fito a jimla biyu, alhali a Turancin sau 3 kawai aka ambaci mutumin. Ƙarin biyun daga umarni suka zo, domin Bature yana cewa a aiko ba tare da ya nuna wa ba, mu kuwa a takardar girmamawa sai mun ce "ki aiko" ko "ka aiko". Idan kuma Aminu ne, duk biyar ɗin sai sun juya. A nan mutane ke faɗuwa: a gyara gaisuwar sama a mayar "ranki ya daɗe", a manta da wani "maka" da ya maƙale a tsakiya. Maganinsa mai sauƙi ne. Idan ka gama takardar mace, danna `Ctrl+F` ka nemi `ka`. Kai, kana, kake, maka, naka, zuwanka, wayarka, duk suna da waɗannan haruffa biyu a ciki. Zai tsaya a kan "haka" da "kamar" ma, ka wuce su.

Kada ka manta da sunan muƙami, shi ma yana da jinsi a wutsiyarsa. Shugaban sashe ko shugabar sashe, sakataren ƙungiya ko sakatariyar ƙungiya, daraktan ko daraktar. Farfesa, Dakta, Barista da Injiniya ne ba sa nuna komai, shi ya sa su ne tarkon.

Akwai kuma wurin da kusan kowa ke mantawa, wato sa hannu. Inda Bature ya rubuta `Yours faithfully`, mu fuska huɗu gare mu, don kalmar tana ɗauke da jinsin mai rubutu da na mai karɓa a lokaci guda. Namiji zuwa ga namiji "naka", namiji zuwa ga mace "naki", mace zuwa ga namiji "taka", mace zuwa ga mace "taki". Saboda haka ka duba wanda ya sa hannu a imel ɗin asali. Idan shugabarku mace ce ka rubuta "naka", ka sa mata rawani. Ni dai tsakanin mace da namiji ba na sa ko ɗaya, don "taka" daga matar mutane zuwa ga wani namiji yana iya ɗaukar wata ma'ana. "Huta lafiya" ko "Wassalam" da suna da muƙami sun wadatar. Haka kalmar `Dear`: kada ka kuskura ka nemo mata ƙauna ko soyayya a Hausa. "Zuwa ga" ne kawai, sai sallama.

Shi "ku", to, ba laifi ba ne, yana fitar da mutum kunya idan hanya ta toshe. Amma da ka ce wa mutum ɗaya "muna fatan za ku aiko da lambar wayarku", zai iya ɗauka ofishinsa ake nufi, ya miƙa wa na ƙasa da shi, ranar taro ka ga wakili. Ga ofishin gona wannan daidai ne, ai su ɗin ake so, kuma da shi za ka warware `Dear Sir/Madam` ba tare da ka cika takarda da "ka/ki" ba, wanda ke mayar da wasiƙa kamar fom ɗin banki. Idan ka yi kira ba a ɗauka ba kuma lokaci ya ƙure, akwai dabarar da ta fi "ku" a wajen Dakta: ka ɓoye mutumin gaba ɗaya. "Ana gayyatar Dakta zuwa taron. Muna roƙon a tabbatar mana da halarta, a kuma aiko da lambar waya." Babu jinsi ko ɗaya a ciki, kuma Hausa ce lafiyayya. Sai dai tana da sanyi, ba a jan ta fiye da layi huɗu ko biyar.

Yanzu hakimi, wanda shi ne ya fi buƙatar hankali. Kada ka fassara gaisuwar Bature, ka ajiye ta gefe ka gina tamu. Da sarautarsa ake kiransa, ita ce gaba da sunan yanka. A nan Katsina ba wanda zai rubuta wa Kauran Katsina ko Durɓin Katsina ya fara da Malam wane. Kai ma ka tambayi sakataren hakimin cikakkiyar sarautar da fadar Daura ta naɗa shi, ka rubuta ta yadda suke rubutawa a takardunsu. Kuma kowane mataki da nasa. Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne. Mai Martaba na sarki ne, kamar Sarkin Daura ko Sarkin Katsina. Mai Girma ake ce wa gwamna, da shi kuma aka saba yi wa hakimi. Mai Shari'a na alƙalin babbar kotu ne. Turawa da ma wasu 'yan boko sukan liƙa wa duk mai rawani `HRH`. Idan ka bi su ka ce wa hakimi Mai Martaba, ba girmama shi ka yi ba, ka sa shi a tsaka mai wuya ne, don takarda tana iya kaiwa fada.

A cikin jikin wasiƙar kuma, ba a cika nuna basarake da "kai" tsirara ba. Ka buɗe da "Allah ya ja zamaninka" ko "Ranka ya daɗe", sannan ka koma magana kamar yana gefe: "Muna roƙon Mai Girma Hakimi ya albarkaci wannan taro da halartarsa." Layin lambar waya ma kada ka tura masa kai tsaye, ka ce za a tuntuɓi sakatarensa. Na san wani zai ce wannan ya wuce fassara. Ni a ganina wanda ya rubuta imel ɗin girmamawa yake nufi, kuma abin da ya nufa ake kaiwa. Ka dai gaya wa shugabanninku ka sauya layin. Wani abin lura, kada sunan sarauta ya ruɗe ka ka yi hasashen jinsi. Iyan Katsina namiji ne duk da kunne na jin kamar uwa, Magajiya kuwa a Daura sarautar mace ce, ku da kuka gaji Daurama kun fi ni sani.

Tunda amsoshi za su dawo ka mayar da su Turanci, riƙe wannan. Yawancin matanmu sunan mahaifinsu ne a ƙarshen sunansu. Idan ka ɗauki Hajiya ka mayar `Mrs` ka jingina da wannan suna, ka aurar da ita ga babanta ke nan. Ka bar Hajiya, Malama da Alhaji yadda suke, ko ka sa `Dr.` in tana da shi, ko `Ms.` in babu. Kuma kada ka ƙara wa mutum Alhaji don neman fada idan shi bai sa wa kansa ba. Idan wata rana takardar daga Damagaram ko Maraɗi ta zo da Faransanci, `vous` ɗinsu ma haka yake, na girmama mutum ɗaya ne kuma na jam'i ne, sai ka duba ko `Monsieur` aka sa a sama ko `Madame` kafin ka zaɓa.

Ba ka tambaya ba, amma idan ka ga aikin ya fi ƙarfinka za ka bayar a yi maka, yi hattara da masu shagunan da ke cewa suna fassara. Wasu tsohuwar wasiƙar wani suke da ita a kwamfuta, su canja suna da kwanan wata su miƙo maka, shi ya sa za ka ga "ka" a sama "ki" a ƙasa. Gwajin da nake yi musu guda ne. Na miƙa takarda na yi shiru. Wanda bai tambaye ni mace ce ko namiji, ko wace sarauta gare shi ba, sai in karɓi abata in yi gaba. Kada ka biya duka sai an karanta maka a bayyane kana ji.

Ka yi takarda uku daban, ka tura su ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa hakimi da ofishi a layin `To` guda. Ta hakimi ma ka buga ta a takarda ka kai da hannu, imel ɗin ya bi baya. Idan ka gama ta Dakta, turo mini ta akwati in duba maka kafin magariba.